Takardar Tura Majiyyaci Zuwa Likitan Ƙashi

Ranka ya daɗe, Likita,

Ga yaro ɗan shekara 13, nauyi kilo 74. Makonni 5 yana ɗingishi, da ciwon cinya da gwiwar hagu, babu zazzaɓi, bai faɗi ba. Gwiwar lafiya lau. Kwankwason ne ba ya juyawa ciki, in an lanƙwasa shi ƙafar sai ta karkata waje. Hoton gaba da na kwanciyar kwaɗo sun nuna farantin girma ya faɗaɗa, layin Klein bai taɓa kan ƙashin ba.

Ina zargin zamewar kan ƙashin cinya. Na hana shi taka ƙafar, yana keken guragu, bai ci komai ba tun ƙarfe 8. Don Allah a gan shi yau, kada jini ya yanke wa kan ƙashin. A duba na dama ma.

Nagode,
Likitan sashen marasa lafiya na waje