Darasin Asabar na 'yan SS2: ikweshan mai x a ƙasan layi, da amsar da ke shigowa ba a gayyace ta ba

Ɗalibai, na gama duba gwajin makon jiya. Da yawanku kun yi aikin tambaya ta uku tsaf, layi bayan layi babu kuskure, amma kun rasa makin ƙarshe. Abin ya dame ni, shi ya sa na rubuta muku wannan takarda. Ku karanta ta da biro a hannu.

Mu fara da mai sauƙi:

3/x + 1/2 = 5/4

Lambobin ƙasa su ne x, 2 da 4, LCM ɗinsu 4x. Ninka kowane yanki da 4x, za ka sami 12 + 2x = 5x, wato x = 4. Mayar da 4 gurbinta: 3/4 + 1/2 = 5/4. Ta zauna daram.

To ga wadda ta kayar da ku:

x/(x − 2) = 2/(x − 2) + 3

Kun ninka ko'ina da (x − 2), kuka sami x = 2 + 3(x − 2). Daga nan x = 3x − 4, sai x = 2. Kuka ja layi biyu a ƙarƙashinta kuka wuce. Yanzu ku saka 2 ɗin a tambayar asali. Hagu zai zama 2/0. Wace lamba ce in ka ninka ta da sifili za ta ba ka 2? Babu ita. Shi ya sa ba a rabawa da sifili. Ke nan x = 2 ba amsa ba ce, kuma tunda ita kaɗai ta fito, abin da ya kamata ku rubuta shi ne: wannan ikweshan ba shi da amsa.

Wata ɗaliba ta tambaye ni, "Malam, in ban yi kuskure ba, ta ina ta shigo?" Tambayar ta yi ma'ana, kuma a nan nake so ku tsaya ku natsu.

Ku tuna sikelin mai sayar da nama a kasuwar Sabon Gari, irin mai faranti biyu. Kilo 5 a hagu, kilo 7 a dama, kowa na ganin ya karkace. In ka ninka kowane gefe sau biyu, 10 da 14, yana nan a karkace. Amma ninkawa da sifili daidai yake da kwashe komai daga farantan biyu. Sikeli zai miƙe, 0 = 0, alhali abin da ke kai da farko bai yi daidai ba. Sifili yana mayar da ƙarya ta yi kama da gaskiya.

Lokacin da kuka ninka da (x − 2), ba ku san darajar x ba tukuna. In x = 2 ce, to da sifili kuka ninka ba ku sani ba. Sabon ikweshan da ya fito ba shi da x a ƙasa, don haka yana karɓar 2 hannu bibbiyu, na asalin kuwa ba ya karɓar ta. Ita ce baƙuwar amsa.

Kada kuma ku ɗauka duk amsar da ta fito jefar da ita za a yi. Duba wannan:

x + 6/(x − 3) = 2x/(x − 3)

Tun kafin ka taɓa komai, rubuta a gefen takarda: x ≠ 3. Sannan ka ninka da (x − 3). Za ka sami x(x − 3) + 6 = 2x, wato x² − 5x + 6 = 0, wato (x − 2)(x − 3) = 0. Amsoshi biyu ke nan, 2 da 3. Ita 3 mun riga mun rufe mata ƙofa. Gwada 2: hagu 2 + 6/(−1) = −4, dama 4/(−1) = −4. Sun haɗu. Amsa x = 2 kaɗai.

Na san za ku ce lokaci ba ya isa a zauren WAEC ko NECO. Rubuta x ≠ 3 ba ya cin daƙiƙa biyar. Mayar da amsa gurbinta kuma yana da wata riba, domin yana kama kuskuren alama, ƙari ko ragi, wanda ya fi komai cinye muku maki. A gwada a tambayar asali, domin layin da ya biyo bayan ninkawa ba zai tona baƙuwar ba.

Aikin gida, a kawo ranar Asabar bayan la'asar. Kowace tambaya a fara rubuta darajar da x ba za ta ɗauka ba, a nuna gwajin amsa a ƙarshe. Wanda bai nuna gwaji ba zai sake daga farko.

(a) 5/(x + 1) = 10/(x + 4)
(b) x²/(x − 4) = 16/(x − 4)
(c) 1/(x − 1) = 2/(x² − 1)

A (c), ku fara rarraba x² − 1 zuwa (x − 1)(x + 1) kafin ku nemi LCM.