Tsarin binciken da nake so in yi: me ke sa matan aure karɓa ko ƙin hanyoyin tazarar haihuwa a markaz ɗin lafiya na unguwarmu, Gadarif

Duktura barka da warhaka, ga tsarin a taƙaice ki duba min kafin in zauna in rubuta cikakke da Larabci in miƙa ma kwamiti.

Matsalar

Ƙididdigar MICS ta 2014, wato binciken gida-gida na UNICEF kan halin mata da yara, ta nuna kashi 12.2 cikin 100 ne kawai na matan aure a Sudan ke amfani da wata hanya ta tazarar haihuwa, kuma kashi 26.6 suna so su huta ko su daina amma ba sa amfani da komai. Yani masu so ba su samu ba sun ninka masu yi. Wannan kuma tun kafin yaƙin da ya ɓarke 15 ga Afrilu 2023 ne, daga baya mutanen Khartum da Madani da Sinnar suka kwararo Gadarif, markaz ɗin da ke duba unguwa ɗaya ya koma yana duba mutanen gari uku.

Abin da ke damuna da irin wannan bincike shi ne yawanci tambaya ɗaya ake zagayawa, kin taɓa jin labarin ƙwaya? idan mace ta ce a'a a rubuta jahilci, idan ta ce eh amma ba ta sha a rubuta addini, shi kenan an rufe fayil. Ni ban yarda ba. Matanmu Hausawa sun san rurrutsa sun san kwanika, da ma ana yi wa mace gori idan ta yi ciki goyo bai isa yaye ba, Alƙur'ani ya ambaci shayarwa shekara biyu cikakku a Baƙara aya ta 233, WHO ma wata 24 take ba da shawara a jira bayan haihuwa kafin wani ciki. To tunda son hutun yana nan, ina abin yake tsayawa?

Manufa

Babbar manufa: gano abubuwan da ke da alaƙa da amfani da hanyoyin tazara na zamani a wajen matan aure masu shekara 15 zuwa 49 da ke zuwa markaz ɗin. A ƙarƙashinta ina so in san kashi nawa ke amfani yanzu kuma da wace hanya, ƙwaya ko allurar wata uku ko shariha da ake sawa ƙarƙashin fatar hannu ko laulab da ake sawa a mahaifa ko kwandom, sannan kashi nawa suka fara suka daina da dalilinsu, sannan wa ke yanke magana a gidan.

Hasashena uku ne. Na ɗaya, macen da ta taɓa zama da maigidanta suka yi maganar ta fi yiwuwar amfani, ko da ba ta yi boko ba. Na biyu, tsoron illa ya fi fatawa hana mata, musamman rikicewar jini da allura ke kawowa, don mace mai ɗigon jini sati biyu tana cikin ruɗani kan sallarta da azuminta da shimfiɗar mijinta, idan ba wanda ya gaya mata tun farko haka na iya faruwa to ba za ta dawo ba, kuma sai ta hana maƙwabta biyar zuwa. Na uku, yankewar kaya, mace ta biya kuɗin raksha ta zo a ce allura ta ƙare ki dawo wani sati. Maganar kishiya da gasar haihuwa da bakin uwar miji su ma na sa su a tambayoyi amma ban yi hasashe a kansu ba, bari alƙaluma su faɗa.

Yadda za a yi

Bincike ne na lokaci guda a cikin markaz, da istimara ta tambayoyi, sai hira mai zurfi ta biyo baya. Za a ɗauki matan da ke da aure a yanzu waɗanda suka kawo yara rigakafi ko awon nauyi ko suka zo ganin likita. Masu ciki ba sa cikin binciken tunda ba yadda za a tambaye su me kike amfani da shi yanzu, haka wadda aka cire ma mahaifa da wadda jikinta ya yi tsanani.

Adadin matan da za a tambaya, n, da wannan lissafin, inda p ke nufin kason masu amfani da ake zato, d kuskuren da aka yarda da shi, Z kuma na tabbacin kashi 95:

```
n = Z² × p(1 − p) / d²
Z = 1.96, p = 0.5, d = 0.05, n = 384
```

Da na sa p ya zama 0.122 na MICS da mutum 165 sun isa, amma alƙalamin ya tsufa kuma na ƙasa baki ɗaya ne ba na masu zuwa markaz ba, shi ya sa na ɗauki 0.5. An ƙara kashi 10 saboda masu ƙin amsawa, ya zama 423. Daftarin markaz ya nuna wajen mata 60 irin waɗanda nake nema ke zuwa a rana, Lahadi zuwa Alhamis, sati shida ya ba da kusan 1,800, don haka duk mace ta huɗu a layi za a ɗauka, ta farko da ƙuri'a kowace safiya. Wadda aka riga aka tambaya za a sa alama a katinta kar a maimaita.

Istimarar za ta tambayi shekaru, shekarun da aka yi mata aure, karatu na boko ko na allo, sana'a, 'ya'ya masu rai da waɗanda suka rasu, maza nawa mata nawa, tana da abokiyar zama ko babu, 'yar gari ce ko gudun yaƙi ya kawo ta, nisan gida da kuɗin mota, sai abin da ta sani da abin da take tsoro. Shayarwa zan tambaye ta daban, don da yawa suna dogara da ita alhali kariyarta sai jariri bai kai wata shida ba, nono zalla yake sha, kuma al'ada ba ta dawo ba. Za a yi ta da Hausa da Larabcin Sudan, mace ta zaɓa, a gwada a kan mata 20 a wani markaz daban tukuna.

Masu tambaya mata uku, ba ma'aikatan markaz ba kuma ba 'yan unguwar ba. Wannan na dage a kai Duktura, don ba macen da za ta ce ina allura a ɓoye a gaban wadda gobe za su haɗu a gidan suna.

Hirar kuma da mata 15, masu yi da waɗanda suka daina da waɗanda ba su taɓa ba, sai ungozomomi biyu da za'ira mai kula da lafiyar mata da yara da mai ba da magani, in kuma duba daftarin sito na wata 12 in ƙirga kwanakin da kowace hanya ta yanke.

Za a shigar da amsoshi a manhajar waya ta KoboCollect tunda yana aiki ba network, nazari da manhajar SPSS, chi-square sannan logistic regression, p-value ƙasa da 0.05.

Izini da sirri

Takarda daga kwamitin jami'a da wizarar lafiya ta wilaya. Za a karanta ma kowace mace bayani ta sa hannu ko dangwale, ba suna a istimara sai lamba, ɗaki mai ƙofa, wadda ta ƙi ba abin da zai taɓa maganinta. Inda nake neman shawararki shi ne matan aure 'yan ƙasa da 18, idan na ce sai da izinin miji na tona asirin masu yi a ɓoye, idan na cire su na bar waɗanda haihuwa kusa-kusa ta fi yi ma haɗari.

Iyakar binciken

Wadda ta zo markaz ta riga ta samu izinin fita da kuɗin mota, waɗanda ke kulle ko ke can gonaki ba za mu ji su ba, don haka ba zan ce sakamakon na duk Gadarif ba ne. Kuma alaƙa zai nuna ba sanadi ba. Maza ma ba a tambaye su ba, abin da mata suka faɗa a kansu kawai za mu samu.

Lokaci da kuɗi

Wata shida duka: biyu na izini da gwaji, sati shida na tattarawa, sauran nazari da rubutu. Ba damina ba saboda laka, ba lokacin yankan riɗi da dawa ba don markaz kan yi fayau, ba kuma cikin azumi ba. Kuɗi na masu tambaya uku ne da motarsu da waya biyu da fawa banki da buga takardar izini 450, jimlar zan saka ranar miƙawa saboda jine ba ya kwana a farashi ɗaya. Idan kin amince da tsarin zan turo miki istimarar ta WhatsApp ranar Alhamis in sha Allah.