Rahoton duba zanen tagogin ƙarfe na masallacin unguwa, Tawa

Zuwa ga Alhaji shugaban kwamitin gini da Malam mai zane. Assalamu alaikum.

Mun duba zane na biyu na tagogi shida da za a yanka a farantin ƙarfe mai kaurin milimita 3. Ra'ayinmu shi ne kada a kai shi wurin yanka tukuna. Tsarin da aka zaɓa mai kyau ne: tauraro mai tsini takwas, wanda ake samu daga murabba'i biyu, ɗaya a juye da digiri 45, sai siffa mai hannu huɗu da ke fitowa tsakanin kowane taurari huɗu. Matsalar tana cikin layukan tushe, kuma daga can sauran suka taso.

An fara zanen a kan faɗi 1200 da tsawo 1800, gida huɗu a kwance, shida a tsaye, kowane gida milimita 300. Amma cikin firam ɗin da mai walda ya haɗa 1170 ne da 1770. Maimakon a sake zana gidajen, sai aka matse hoton a kwamfuta har ya shiga. Gida ya koma faɗi 292 da rabi, tsawo 295, wato ya daina zama murabba'i, kuma layin da ya ratsa shi daga kusurwa zuwa kusurwa ya bar digiri 45. Milimita biyu da rabi ba ya ɗaukar ido a gida guda, amma duk taurari 24 sun ɗan miƙe sama, tsinayensu ba su zauna a kan da'ira ɗaya ba. Wanda ya zauna a sahu yana kallon tagar kullum zai ji wani abu bai zauna ba, ko da bai iya nuna shi da yatsa.

A sake zanawa da gida mai milimita 280. Adon zai ci 1120 da 1680. Abin da ya rage a bar shi baki: 25 a dama, hagu da sama, 65 a ƙasa, inda ruwa ke kwanciya, tsatsa ke fara ci. A kowane gida a buɗe kamfas 140 daga tsakiya. Gefen kowane murabba'in tauraro zai zo 198, kowane gefen tsini 58, lungunan da ke tsakanin tsinaye kuma suna nesa da tsakiya da 107. Kafin a zana tauraro ko ɗaya, a auna gida daga kusurwa zuwa kusurwa ta hanyoyi biyu, duka su ba da 396. A kan adon gaba ɗaya 2019 ne. In suka bambanta da fiye da milimita 2, a goge a sake.

Game da daidaiton ɓangarori, mun kwafi zanen a takarda mai shara-shara muka ninka. Dama ta hau kan hagu. Sama ba ta hau kan ƙasa ba, domin furannin cikin taurarin jeri na biyar da na shida sun juya da digiri 22 da rabi, ganyensu na kallon lungu a maimakon tsini. A juyo da su.

Abin da ya fi damun mu shi ne cunkoso. Tauraro yana cin kusan kashi 59 cikin ɗari na filin gida, mai hannu huɗu kashi 41, amma duk adon an tara shi cikin tauraro. Layuka 16 masu faɗin milimita 12 sun haɗu a cibiya, ramukan da ke tsakaninsu ba su kai milimita 4 ba. Wutar yanka za ta narkar da bakinsu, fenti ya toshe wasu, ƙurar hunturu ta cike sauran cikin shekara guda. Masu hannu huɗun nan 15 kuwa an bar su fayau. Faɗin hannu 82 ne, ko an cire kaurin layi saura kusan 70, hannun yaro zai shige. Daga nesa tagar za ta fito baƙin dunƙule nan, farin rami can.

A rage layukan furen zuwa takwas, kuma kada su kai cibiya: su tsaya a kan ƙaramin tauraro mai tsini takwas wanda da'irarsa ke da buɗin kamfas 45. A tsakiyar kowane mai hannu huɗu a sa murabba'i a juye, a ɗaure shi da layin da ke bin tsakiyar kowane hannu. Faɗin layi ya zama 10 ko'ina, kada wani rami ya gaza milimita 12. Rabin siffofin da ke bakin firam, 16 ne, su samu rabin wannan ado daidai, kada a bar su haka.

Idan an gyara, a yanka gida huɗu kawai don gwaji, a shafa fenti, a jingina shi a tagar gabas da hantsi, a dube shi daga ciki a nisan mita biyar. In kwamiti ya gamsu, sai a sayi sauran farantin.

Allah ya sa albarka a aikin. Wassalam.

Masu duba zane, a madadin kwamitin gini