Zanen Gado da Labule a Kan Awo

Bayanin kan shafi

Zanen gado, rigar filo da labule, ɗinki a kan awonku. Ku karanta saƙon da ke maƙale, ku turo awo ta akwatin saƙo. Litinin zuwa Asabar, 9 zuwa 6.

Saƙon da ke maƙale a sama

Sannunku da zuwa. Wannan sabon shafi ne, abu uku kawai muke sayarwa: zanen gado, rigar filo da labule. Ba mu ajiye ɗinkakku, sai an yi oda muke yanka yadi a kan awon katifa ko tagar mai oda. Don haka ku daure ku karanta wannan saƙo har ƙarshe kafin ku turo kuɗi, musamman wajen awo, don nan ne aka fi samun matsala.

Zanen gado

Iri biyu ne. Akwai mai roba, wanda ke kama kusurwa huɗu na katifa ya zauna daram ko yara sun yi tsalle a kai. Akwai shimfiɗaɗɗe, wanda ake cusa gefensa a ƙarƙashin katifa ko a lulluɓa da shi. Saiti ɗaya ya ƙunshi zane ɗaya da rigar filo biyu, sai dai na katifa mai faɗin ƙafa 3, shi rigar filo ɗaya ce. Rigar filonmu santimita 50 ce a faɗi, 75 a tsawo, kuma babu zif, baki ne mai ninkewa ta ciki. Mun bar zif da gangan: shi ne ke fara lalacewa a wanki, ga shi yana sukar kunci.

Yadin ma biyu ne. Auduga zalla ta fi sanyi a jiki kuma tana shan gumi, amma tana yamutsewa, sai da guga. Gaurayen auduga da foliyesta ba ya yamutsewa sosai, yana saurin bushewa, amma ya fi riƙe zafi. Mai yawan gumi da dare ya ɗauki auduga. Ɗakin baƙi ko gadon ɗalibi, inda ba kullum za a samu mai guga ba, gauraye ya fi dacewa.

Auduga takan tsuke da kamar kashi 3 zuwa 5 cikin 100 a wankin farko. A zane mai tsawon santimita 183, hakan na nufin santimita 5 zuwa 9 sun tafi, shi ya sa zanen da ya zauna daidai ranar da aka saye shi yake ƙin shiga bayan an wanke. Mu muna wanke yadin mu busar da shi kafin almakashi ya taɓa shi.

Awo uku muke buƙata: tsawo, faɗi da kauri. Ku cire duk abin da ke kan katifar, ku auna ita kanta, ba katakon gadon ba. Girman da aka fi nema su ne ƙafa 6 da 3 (santimita 183 da 91), 6 da 4½ (183 da 137), 6 da 6 (183 da 183), sai 7 da 6 (213 da 183). Amma kada ku dogara da abin da aka faɗa muku ranar sayen katifa, ku sa tef ku gani da idonku.

Kauri shi ne wanda ake mantawa, kuma shi ne ke kashe zane mai roba. Aljihun kusurwa dole ya fi kaurin katifa da santimita 10, don robar ta samu abin kamawa ta ƙasa. Katifa mai kaurin inci 10, wato santimita 25, aljihunta 35 ne. Idan aka ɗinka mata aljihun katifa mai inci 6, kusurwa za ta riƙa fincikewa da zarar an juya a kan gado. Idan kuma aljihun ya yi zurfi fiye da kima, zanen zai riƙa tattarewa a tsakiya. Ku auna kaurin a kusurwa, inda katifa ba ta lotsa ba. In kuna ɗora wata siririyar katifa ko abin kare fitsarin yara a sama, ku auna tare da su. Ku ba mu awon yadda yake, kada ku ƙara komai "don kada ya matse". Ƙarin aikinmu ne, in kun ƙara mun ƙara, zane ya zama buhu.

Labule

Muna ɗinka mai zobe, wanda sanda ke ratsa zoben, da mai tattara a sama, wanda ake rataya shi da ƙugiya. Ramin zobenmu santimita 4 ne, saboda haka kaurin sandar kada ya wuce santimita 2.8, in ba haka ba labulen zai riƙa cijewa wajen ja. Kowanne ana iya yin sa ruɓi ɗaya, ko ruɓi biyu da yadi mai tare haske a baya. Ɗakin kwana da tagar da rana ke duka sun fi son ruɓi biyu, don na bayan ne ke shan rana, na gaban ya daɗe bai koɗe ba.

A nan sandar ake aunawa, ba tagar ba. Ku auna tsawonta ban da kwalliyar da ke bakinta biyu, sannan ku auna daga saman sandar zuwa ƙasa. Wannan na biyun ku yi shi sau biyu, dama da hagu, domin daɓen ɗaki ba kullum yake a miƙe ba. In sun bambanta ku turo duka, da gajeren za mu yi aiki. Mukan rage santimita 2 don kada labule ya riƙa sharar ƙasa. Wanda bai riga ya kafa sanda ba, ya bar ta ta zarce taga da santimita 15 zuwa 20 ta kowane gefe, ta kuma ɗara saman taga da 10 zuwa 15. Idan sanda ta tsaya daidai bakin taga, haske zai riƙa leƙowa ta gefe, kuma in an buɗe labule zai tare wani sashe na tagar.

Faɗin yadi ninkin tsawon sanda ne sau biyu. Taga mai santimita 120, sandarta 160, yadinta 320, a raba shi falle biyu, kowanne 160. Wasu kan ce a rage yadin don kuɗi ya sauka. Za mu iya sauka zuwa ɗaya da rabi, ƙasa da haka ba mu yi, don labulen zai tsaya a miƙe kamar an shanya zane.

Ba mu sayar da sanda, ba mu kuma zuwa kafawa.

Yadda ake oda

Kowane yadi yana da hotonsa a shafin nan, da lamba da farashi a ƙarƙashinsa. Na zanen gado lambarsu na farawa da Z, na labule da L. Ku turo lambar, kada ku ce "shuɗin nan mai fure", shuɗi mai fure ya fi ɗaya. Saƙo guda mai ɗauke da komai ya fi sauri, kamar haka:

"Zanen gado mai roba, Z-07, saiti 2. Katifa: tsawo 183, faɗi 137, kauri 20, duka santimita. Labule mai zobe, L-03, ruɓi biyu, taga 1. Sanda 160, daga sanda zuwa ƙasa 248 dama, 250 hagu. A aiko mini, ba zan zo karɓa ba."

Ku rubuta ko santimita ne, ko inci, ko ƙafa. Lamba tsirara ba ta isa ba, 20 a inci ya ninka 20 a santimita sau biyu da rabi. Awo a rubuce muke karɓa, ban da saƙon murya, don "sittin" da "saba'in" ba sa rikicewa a rubuce, amma cikin hayaniya sai a hankali. Hoton tef a kan katifa ko sanda yana taimakawa ƙwarai.

Za mu amsa a cikin lokacin aiki, mu maimaita muku awon, mu faɗi jimillar kuɗi da kuɗin aike da ranar gamawa. Ku duba sosai, in ya yi ku rubuta "Na amince". Daga nan sai kafin alƙalami, rabin kuɗin, ku turo hoton shaidar biya. Ranar da kuɗin ya shigo muke fara ƙirga kwanaki: zanen gado kwana 4 na aiki, labule kwana 7, odar da ta wuce saiti 5 ko taga 4 za mu faɗi nata lokacin daban. In an gama za mu turo hoton kayan da tef a kansu, ku cika ragowar, sannan su tashi. Mai zuwa karɓa da kansa za a ba shi kwatance da lokaci a cikin saƙo. Wanda za a aika wa ya ba da sunan mai karɓa da lambar wayar da ake samunsa.

Lambar asusunmu ba ta nan a rubuce, kuma ba za ku gan ta a ƙarƙashin wani hoto ba. A cikin hirar da kuka fara da mu kawai ake bayar da ita, bayan kun amince da awo. Duk wanda ya fara tuntuɓarku da sunanmu yana neman kuɗi, ba mu ba ne.

In an samu kuskure

Kafin a yanka yadi kuna iya canja launi ko awo, ko ku fasa a mayar muku da kuɗinku cif. Bayan an yanka, kafin alƙalami ba ya dawowa, don abin da aka yanka wa katifarku ba lallai ya shiga ta wani ba. In mu muka saɓa awon da kuka amince da shi, ko ɗinki ya zo da aibi, ku turo hoto cikin kwana 3 da karɓa, kafin a wanke. Gyara ko sabon ɗinki da kuɗin aike duk a kanmu. In awon da kuka bayar ne bai yi daidai ba, abin da ya yi yawa ana iya rage shi a biya kuɗin gyara, wanda ya gaza kuwa babu dabara.

Batun launi: hasken waya yana yaudara, abin da ya fito ruwan toka a wata waya sai ya fito shuɗi-shuɗi a wata. Mai son labule ya dace da kujeru ko fentin ɗaki ya nemi bidiyon yadin a hasken rana kafin ya amince, kyauta ne.

Wajen wanki, ruwan kada ya wuce digiri 40, ban da bilic a kan mai launi, kuma masu duhu a ware su a wanki biyu na farko. Zane mai roba a shanya shi a inuwa, kada dutsen guga ya hau kan robar, zafi ne ke sa ta saki. Labule mai zobe da hannu ake wanke shi, inji yana fasa zoben.