Atamfa da Shadda a Wurin Maman 'Yan Biyu, Gusau

Assalamu alaikum mutanen Gusau, Hajiyoyi da Alhazai, iyayen amare da angwaye. Maman 'Yan Biyu ce mai atamfa ke gaishe ku daga Tudun Wada. Kaya sun sauka!

Hajiya, dubi wannan atamfar da ke hannuna. Ruwan ƙasa ce da ratsin shuɗi, turmi cikakke, yadi 6 ba ragi. Auduga ce zalla, irin wadda ake so a zafin bazara, don tana shan gumi, ba ta manne wa jiki. Ga ƙyallen da na yanka daga irinta, na jiƙa shi da sabulu ya kwana, ga kuma ruwan a kwano, fes yake. Ba ta zuba. Kowace irin atamfa sai na yi mata wannan gwajin kafin ta hau kanta, domin na san zafin mace ta tara kuɗinta, ta biya tela, wanki ɗaya zane ya koɗe.

Ni da kaina nake shiga mota zuwa Kano, in bi Kantin Kwari layi-layi, in taɓa, in ɗaga, in duba bakin zane. Ba sautu nake bayarwa ba. Shi ya sa idan kika tambaye ni, zan gaya miki wannan babba ce, wannan matsakaiciya, wannan kuwa roba ce ta zaman gida. Mai sauƙin kuɗi ma akwai, kuma da sunanta zan sayar miki da ita.

Alhaji, ban manta da kai ba. Ga shadda fara ƙal ta Juma'a, ga ruwan toka, ga ruwan madara. Yadi 5 na kaftani da wando, yadi 10 idan har da babbar riga. Akwai boyel mara nauyi, akwai yadin yara.

Ga leshi, ga mayafai, ga lafaya.

Masu haɗa lefe, ku zo da lissafinku mu zauna. Ku faɗi abin da ke hannu, mu tsara akwati daidai ƙarfinku, yadda dangin amarya za su buɗe su sa albarka. Masu ankon biki ko suna kuwa, don Allah ku yi magana da wuri, mako 2 kafin rana, don a samu zane iri ɗaya ya ishi kowa.

'Yan Kaura Namoda, Talata Mafara, Tsafe da Bunguɗu, ku zaɓa ta WhatsApp, in kai tasha, direba ya kawo muku. Lambata ga ta nan a ƙasan bidiyo. Muna buɗewa ƙarfe 9 na safe har zuwa magariba, ranar Juma'a sai bayan an sauko masallaci.

Sai kun zo. Allah ya ba da ikon saye, ya sa a kashe lafiya.