Me ya sa wasu sauye-sauye ke faruwa da kansu? Takardar darasin kemistiri ga ɗaliban shekarar farko

Ɗalibaina, kafin ku fara haddace wata alama ta lissafi, ina so ku tuna da ɗakin da aka sa turaren wuta. An ajiye kasko a lungu ɗaya, ba a jima ba ƙamshi ya cika ɗakin. Ba wanda ya tura shi. Kuma ba ku taɓa ganin ƙamshin ya tattaru ya koma cikin kasko ba.

Amsar da ɗalibi ke fara kawowa ita ce, komai yana son ya rage makamashinsa, kamar yadda guga ke faɗawa rijiya in igiya ta kuɓuce. Masanin Faransa Marcellin Berthelot ma haka ya ɗauka, cewa sauyin da ke fitar da zafi shi ne ke faruwa da kansa. Sau da yawa haka ne, amma ku zuba takin yuriya a ruwa ku taɓa kwanon: ya yi sanyi, don narkewar ta janye zafi. Ƙanƙarar masu zoɓo a Ƙofar Soro ita ma shan zafi take yi tana narkewa. Ke nan da sauran magana.

Abin da ya rage shi ne entirofi, sunan da Rudolf Clausius ya raɗa a 1865. Za ku ji ana ce masa "hargitsi". Ba na son wannan fassarar, tana ruɗa ɗalibai a jarrabawa. Entirofi ƙidaya ce: ta hanya nawa ƙwayoyin abu da makamashinsu za su iya jeruwa, abin ya ci gaba da zama yadda muke ganinsa? Ku raba ɗakin nan biyu a ranku, ku saki ƙwayoyin ƙamshi 4 suna yawo. Yiwuwar a tarar da dukkansu a ɓangaren kasko 1 ce cikin 16. In ƙwayoyin 10 ne, 1 cikin 1,024. In 100 ne, kusan 1 cikin 10³⁰. To, ruwa giram 18 kaɗai yana ɗauke da ƙwayoyi 6.02 × 10²³. Hanyoyin bazuwa sun rinjayi na tattaruwa nesa ba kusa ba, shi ya sa bazuwar kawai muke gani. Daga aikin Ludwig Boltzmann aka samo S = k ln W, inda S ke nufin entirofi, W yawan hanyoyin, k kuma lamba ce da ba ta canzawa.

Doka ta biyu ta ilimin zafi da makamashi ta ce sauyi yana faruwa da kansa ne idan jimillar entirofin abin da na kewayensa ta ƙaru. Ku riƙe kalmar jimilla. Ruwa a firji yana daskarewa, entirofinsa ya ragu, amma ku taɓa bayan firjin ku ji zafin da yake zubarwa a ɗaki, wanda ya ƙara entirofin iska fiye da abin da ruwan ya rasa.

Auna kewaye kullum wahala ce. Ba'amurke Josiah Willard Gibbs ne ya sauƙaƙa mana a shekarun 1870. In ma'aunin zafi da matsin iska ba su canza ba:

ΔG = ΔH − TΔS

ΔH shi ne zafin da sauyin ya sha ko ya fitar, ΔS canjin entirofin abin, T kuma ma'aunin zafi a kelbin. In ΔG ya faɗi ƙasa da sifili, sauyin zai iya tafiya da kansa, kuma girmansa shi ne iyakar aiki mai amfani da za a iya tatsa daga ciki. Shi ya sa ake kiransa sakakken makamashi.

Mu gwada da ƙanƙara. Narkewarta na da ΔH = +6.01 kJ/mol da ΔS = +22.0 J/(mol·K). A ranar bazara a Katsina, digiri 40, wato 313 K, TΔS ya kai 6.89 kJ/mol, sai ΔG ya zama kusan −0.88 kJ/mol. Ta narke. A firiza mai digiri 10 ƙasa da sifili, 263 K, TΔS bai wuce 5.79 ba, ΔG ya koma +0.22, ta tsaya daram. A 273 K biyun suka yi kunnen doki, a nan ne ruwa da ƙanƙara ke zama tare. Don Allah ku mayar da J zuwa kJ kafin ku ɗebe. A nan nake ganin ɗalibai masu ƙoƙari suna asarar maki, abin yana damuna.

Sai dai ΔG bai ce komai kan sauri ba. Ƙonewar gawayi na da ΔG kusan −394 kJ/mol, amma buhun gawayi zai shekara a zaure bai kama ba sai an kawo ashana. Wannan shingen za mu tattauna shi a darasin saurin haɗuwar sinadarai.

Aikin gida, a kawo ranar Talata: ruwan randa ya fi iskar ɗaki sanyi, ba firji ba lantarki. Ku bayyana ina zafin ya tafi, entirofin wane abu ne ya ƙaru, kuma me ya sa randa ta fi sanyaya ruwa a lokacin hunturu da bazara fiye da tsakiyar damina.