Wasiƙar neman biyan kuɗin karatu kashi-kashi

Unguwar Bagalam, Maraɗi
14 ga Oktoba, 2024

Zuwa ga Ma'ajin Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, Maraɗi

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni ne mahaifin Hadiza Sani, wadda ke shekara ta biyu ta karatun masta a tsangayar aikin gona. Na rubuto ne in roƙi arziki a kan kuɗin karatunta na bana, jika 300, a yarje mini in biya su kashi uku.

Sana'ata fataucin aya da wake ne. Nakan saya a kasuwannin Cadawa da Gazawa, in yi lodi ta Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina. Da aka rufe iyaka bayan 26 ga Yulin 2023, kayana suka yi watanni a ajiye, ƙwari suka shiga waken. Ko da hanya ta buɗe a 2024, naira ta riga ta faɗi, bashin da nake bin abokan cinikina na can ya dawo hannuna bai kai rabin darajarsa da sefa ba. Duk da haka na bara na biya shi cif, takardar shaidar biya tana haɗe da wannan wasiƙa.

Abin da ya durƙusar da ni shi ne ruwan ƙarshen Agustan nan. Ɗakin ajiyata na ƙasa ne, bangon gabas ya zauna a kan buhu 40 na aya. Da muka tono su bayan kwana biyu, sun yi tsami, wasu har sun tsira, ko masu kunun aya ba su taya ba. Kaddara ce, kuma na san akwai waɗanda suka rasa rai a wannan ruwa, nawa dukiya ce kawai.

Ga abin da zan iya. Jika 100 suna hannuna, kuɗin raguna biyu da mahaifiyarta ta sayar, zan kawo su ranar da kuka ce. Jika 100 kuma ƙarshen Disamba, in na sayar da gyaɗar gonata ta Tibiri. Cikon sai ƙarshen Maris na 2025, domin a lokacin wake ya yi daraja. Ban so in yanka wa'adin da ya fi wannan kusa in zo in ji kunya.

Roƙona shi ne a bar sunan yarinyar cikin rajista, ta shiga aji, ta zauna jarrabawa tare da 'yan'uwanta kafin in cika. Shekarar nan ce ta ƙarshe gare ta. In ana buƙatar in sa hannu a takardar alkawari, ko in zo da mai tsaya mini, ƙanena malamin makaranta ne a nan gari, ya amince.

Allah ya ƙara girma, ya saka da alheri.

Naka,
Sani Abdu